Rubuta saƙo yanzu, wayarka ta aika shi a lokacin da ka zaɓa

Sau da yawa sai dare ya raba mutum yake tuna maganar da ya kamata ya faɗa wa wani. Ga wayar a hannu, ga maganar a baki, amma ƙarfe ɗayan dare ba lokacin tashin dattijo ko surukai ko maigida ba ne. In ya ce bari ya bari sai da safe, hidimar safiya ta ɗauke masa hankali, sai bayan azahar ya tuna, lokacin kuwa abin ya riga ya wuce. Akwai maganin wannan a cikin wayar da yawancinmu muke riƙe da ita, kuma ba sai an sauke wata sabuwar manhaja ba. Manhajar saƙon tes da ta zo da wayar tana iya karɓar saƙo yanzu, ta ajiye shi, ta aika shi a ranar da sa'ar da aka gaya mata.

Google ta sanya wannan tsari a manhajarta ta Messages a farkon 2021, ga wayoyin da ke kan Android 7 zuwa sama, wato kusan duk wayar Android da ake amfani da ita a yau. Samsung ta daɗe da shi a tata manhajar. Apple kuwa sai a watan Satumba na 2024 ta kawo shi, tare da iOS 18. Matakan saitawa ba su da wuya, cikin minti ɗaya an gama. Abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma ba a cika bayyana shi ba, shi ne sanin inda saƙon yake zama tsakanin lokacin da ka rubuta shi da lokacin da zai tafi. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa saƙo yake isa a kan kari wata rana, wata rana kuma ya makara.

A wayar Android, saƙon yana zaune ne a cikin wayarka. Bai je wurin kamfanin layi ba, bai je wurin Google ba. Tamkar ka rubuta wasiƙa ne ka ba yaron gida ka ce ya kai da asuba: in yaron ya makara, ko ya tarar da ƙofa a kulle, wasiƙar tana nan a gida. A iPhone kuwa, da zarar ka saita, saƙon ya bar hannunka zuwa na'urorin Apple, a can zai jira lokacinsa. Kowanne tsari yana da amfaninsa da cikas ɗinsa, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu ɗauki misali

A ce wani ma'aikaci ne yake zaune a Kaduna, mahaifinsa yana Funtuwa. Daren Lahadi ya tuna cewa ranar Alhamis ce likita ya ce Baba ya koma asibiti, ƙarfe tara na safe. Shi kuma ya san Alhamis ɗin da wuri zai fita, ba lallai ya sami sukunin kira ba. Wayar Baba ƙarama ce mai maɓallai, babu intanet a cikinta, don haka saƙon tes ne kaɗai zai same shi. Wayar ɗan kuwa Android ce mai layi biyu, irin su Tecno ko Infinix, kuma manhajar saƙonta ita ce Messages ta Google, mai alamar shuɗi.

Zai buɗe manhajar, ya shiga hirarsa da Baba, ya rubuta saƙon kamar yadda ya saba: “Salamu alaikum Baba, barka da asuba. Yau Alhamis ce ranar komawa asibiti, ƙarfe tara. A tafi da katin asibiti da ragowar magani. Allah ya ƙara lafiya.”

A nan ne bambancin yake. Maimakon ya taɓa maɓallin aikawa ya ɗaga yatsa, sai ya ɗora yatsan ya danne shi na ɗan lokaci. Wani ɗan akwati zai fito mai taken Schedule send. A cikinsa wayar tana ba da wasu lokuta da ta zaɓa da kanta, kamar Tomorrow, 8:00 AM, wato gobe ƙarfe takwas na safe. Tun da shi Alhamis yake so, sai ya taɓa na ƙasa, Pick date and time. Kalanda za ta fito, ya zaɓi Alhamis, ya taɓa Next. Agogo zai fito, ya sa 6:30, ya tabbatar AM ne, ya sake taɓa Next, sannan Save.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su mayar da waya aljihu, suna ganin sun gama. Ba su gama ba. Save lokacin kawai ya ajiye, saƙon yana nan a wurin rubutu bai shiga layi ba. Dole a sake taɓa maɓallin aikawa, wanda yanzu yake ɗauke da ƙaramar alamar agogo. Shaidar cewa aiki ya kammala ita ce saƙon ya koma cikin hirar, da alamar agogo a gefensa da rana da lokacin da aka sa masa. In ba ka ga haka ba, ba ka saita komai ba. A kuma lura, dannewar ba ta aiki in wurin rubutu fanko ne. Sai an fara rubuta saƙon.

Batun AM da PM ma ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana kayar da mutane. AM daga tsakar dare ne zuwa kafin tsakar rana, PM daga tsakar rana zuwa kafin tsakar dare. Inda aka fi ruɗewa shi ne sha biyu: 12:00 AM sha biyun dare ne, 12:00 PM kuma sha biyun rana. Wanda ya so saƙo ya tafi kafin sallar Juma'a amma ya sa 12:00 AM, saƙonsa zai tashi mutane ne a tsakiyar daren da zai waye Juma'ar, abin da tun farko ake gudu.

In ranar Talata aka sanar da ɗan cewa an ɗage ganin likita, ba sai ya damu ba. Zai koma hirar, ya taɓa alamar agogon da ke gefen saƙon, zaɓi uku su fito: Update message don gyara rubutun, Send now don aikawa nan take, da Delete message don sokewa. Baba ba ya ganin komai a wayarsa kafin lokacin ya yi, kuma in saƙon ya iso, yana isowa ne kamar kowane saƙo.

Mai wayar Samsung da ke amfani da manhajar kamfanin, hanyarsa ta ɗan bambanta. Bayan ya rubuta saƙo sai ya taɓa alamar + da ke gefen wurin rubutu, ya zaɓi Schedule message, ya sa rana da lokaci, ya taɓa Done, sannan ya taɓa aikawa. Tana karɓar lokaci har zuwa shekara guda. Sababbin wayoyin Samsung da yawa suna zuwa ne da Messages ta Google, don haka in ba a ga wannan ba, a gwada danne maɓallin aikawa.

Asubar Alhamis

Yanzu mu koma ga abin da zai faru ƙarfe 6:30 na ranar Alhamis. Tun da saƙon yana cikin wayar ɗan, wayar ce za ta farka ta miƙa shi ga kamfanin layi, kamar dai a lokacin ne aka taɓa maɓallin aikawa. Saboda haka duk abin da zai hana mutum aika tes da hannunsa a wannan minti, shi ma saƙon zai hana shi tafiya.

Na farko shi ne caji. In an kwana babu wuta, waya ta mutu da ƙarfe huɗu na asuba, babu abin da zai tafi ƙarfe shida da rabi. Saƙon bai ɓace ba. Yana jira har a kunna wayar ta kama sabis, sannan ya fita. Haka in mutum yana kan hanya a wurin da babu sabis, ko ya sa wayar a yanayin jirgin sama don ya yi barci. Mutane sukan ji tsoron saƙon zai ɓata, amma ni a ganina makararsa ta fi ɓacewarsa haɗari. Saƙon da ya ce “yau ƙarfe tara”, in ya isa ƙarfe sha ɗaya, ko ya isa washegari, zai iya sa dattijo ya shirya ya nufi asibiti a ranar da ba tasa ba. Shi ya sa a misalinmu aka rubuta “Yau Alhamis”, ba a tsaya a “yau” kawai ba. Duk saƙon da za a ajiye don gaba, a ambaci sunan ranar a cikinsa, in da hali har da kwanan wata, domin ko ya makara mai karantawa ya gane.

Na biyu shi ne kati. Kamfanin layi ba ya cire kuɗi a daren Lahadin da aka rubuta saƙon, sai ranar Alhamis da ya fita. In a tsakani an cinye katin da kira, ko an juya shi an sayi data, saƙon zai tsaya, wayar ta nuna bai tafi ba. Wannan kuwa ba lallai ya sake tafiya da kansa ba bayan an sa kati. Sai an shiga an taɓa shi an sake aikawa. Mai layi biyu kuma ya duba wane layi ne aka zaɓa a hirar kafin ya saita, domin sau da yawa layi ɗaya na data ne kawai, babu ko sisin kira a cikinsa.

A nan akwai abin da ya shafe mu masu rubuta Hausa kai tsaye. Saƙon tes guda ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, in duk haruffan na yau da kullum ne irin waɗanda aka gina tsarin tes a kansu. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba sa cikin wannan rukuni. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga saƙo, wayar takan sauya yadda take tsara saƙon gaba ɗaya, iyakar ta sauko zuwa haruffa 70, kuma in saƙon ya zarce haka sai a yanka shi gida-gida, kowane yanki haruffa 67. 'Yan hotunan nan na murmushi da na addu'a ma haka suke yi. Saƙon da aka rubuta wa Baba haruffa 150 ne in an haɗa da sarari tsakanin kalmomi. Da k zalla aka rubuta “karfe” da “kara”, saƙo ɗaya ne. Da yake an sa ƙ, ya zama uku. A Nijeriya, bayan ƙarin kuɗin kira da saƙo na farkon 2025, tes ɗaya ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6, don haka saƙon naira 6 ya koma na naira 18. Kuɗin ba shi da yawa, amma wanda ya bar naira 10 a layi yana ganin ta isa, saƙonsa ba zai fita cikakke ba. Ban ce a daina rubuta Hausa daidai ba, ina son ganin haruffanmu a inda suka dace. A dai san farashinsu a tes, a kuma san cewa wasu ƙananan wayoyi ba sa iya nuna su, sai su fito da ɗan akwati a gurbin harafin.

Na uku yana ɓoye ne a cikin saitin waya. Wayoyin Android suna da tsarin tattalin caji da ke kwantar da manhajojin da ba a buɗe ba, wasu kuma suna zuwa da manhajar shara da ke rufe komai da taɓawa ɗaya. In aka matsa wa manhajar saƙo da irin wannan, za ta iya kasa farkawa a kan lokaci. Alamarsa ita ce wayar tana kunne, akwai sabis, akwai kati, amma saƙon bai tafi ba sai da ka ɗauki wayar ka buɗe ta. In ka ga haka, shiga Settings, sannan Apps, ka zaɓi Messages, ka shiga Battery, ka sa shi a Unrestricted ko abin da ya yi kama da haka, domin sunan yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Akwai kuma ƙaramin abu ga wanda yake aika wa mai Android irinsa. Messages ta Google takan aika irin wannan saƙo ta intanet, a tsarin da ake kira RCS, kuma za ka ga an rubuta hakan a wurin rubutu. Wannan data yake buƙata daga ɓangarorin biyu, ba kati ba. Mai kashe data da dare, ko wanda abokin hirarsa ba ya kunna data sai jefi-jefi, ya shiga saitin RCS chats ya kunna zaɓin da ke sake aika saƙon a matsayin tes in intanet ta gagara. A misalinmu wannan bai taso ba, tun da wayar Baba tes kawai take karɓa.

Masu iPhone

A iPhone, tsarin sunansa Send Later, kuma yana buƙatar iOS 18, wanda ke hawa kan iPhone XR da XS zuwa sama. Ana shiga hirar, a taɓa alamar + da ke hagun wurin rubutu, a zaɓi Send Later, a sa rana da lokaci, a rubuta saƙon, a taɓa kibiyar aikawa. Saƙon zai bayyana a hirar da ɗigo-ɗigon layi kewaye da shi har lokacinsa ya yi. Kalmar Edit da ke samansa ita ce hanyar sauya lokaci ko aikawa nan take ko sokewa. Ba a iya wuce kwana 14.

Tun da saƙon yana wurin Apple a kulle, ko wayarka ta mutu, ko ka shiga inda babu sabis, zai fita a kan lokaci. Wannan babban alheri ne ga mai fama da rashin wuta. Sai dai ana buƙatar intanet a lokacin saitawa, haka ma a lokacin sokewa, tun da abin da za a soke ba a hannunka yake ba.

Cikas ɗin shi ne Send Later yana aiki ne da iMessage kaɗai, wato tsakanin na'urorin Apple, hirar da saƙonninta suke fitowa shuɗi. In saƙonninka ga mutum kore suke fitowa, ba za ka iya ajiye masa saƙo ta wannan hanya ba. A ƙasar Hausa kuwa, inda akasarin jama'a Android ko ƙaramar waya suke riƙe da ita, wannan ya rage amfanin abin ƙwarai. Da ɗan nan na Kaduna iPhone gare shi, da Send Later bai kai saƙonsa Funtuwa ba.

Mafitar da ta rage masa ita ce manhajar Shortcuts, wadda ita ma da wayar take zuwa. A sashen Automation zai zaɓi Time of Day, ya sa lokaci, ya zaɓi Run Immediately, sannan ya ƙara aikin Send Message da rubutun da lambar mai karɓa. Wannan yana aika tes ga kowace irin waya, amma daga cikin wayar yake gudana, don haka sharuɗɗan caji da sabis da kati sun dawo. Kuma ba shi da zaɓin sau ɗaya. Kullum ne, ko mako-mako, ko wata-wata. Wanda ya saita shi don Alhamis ɗaya bai goge ba, Baba zai riƙa samun saƙon komawa asibiti duk Alhamis. Inda ya fi dacewa shi ne abin da dama maimaituwa yake yi, kamar tunin zubin adashi.

Abin da agogo bai sani ba

Wayar tana lissafi ne da agogon da ke kanta, ba da na mai karɓa ba. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya ne. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya kuma da awa biyu. Mai son saƙo ya sami ɗan'uwansa a Makka ƙarfe 7 na safe, daga Kano ƙarfe 5 na asuba zai sa. Mai aika wa Kumasi kuma, don ya isa ƙarfe 7 nasu, ƙarfe 8 zai sa.

Abu na ƙarshe ba na na'ura ba ne, kuma shi na fi so a riƙe. Saƙon da aka ajiye ba ya jin labari. Mutane da dama suna sha'awar tsara gaisuwar barka da Sallah tun da kwanaki, amma ƙaramar Sallah sai an ga wata, sai an ji sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi, kuma Nijar da Nijeriya ma wani lokaci sukan saɓa da kwana ɗaya. A jira sanarwar daren, sannan a saita na safiya. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne a yi rasuwa ko wani rashin lafiya a gidan da ka ajiye wa saƙon raha ko na tunin bashi, saƙon ya faɗa musu ana tsakiyar zaman makoki. Duk lokacin da ka ji wani abu ya sami mutum, ka leƙa hirarku ka ga ko akwai saƙon da ke jira. Saboda wannan ne nake ganin kada tazarar ta wuce 'yan kwanaki, ko da wayar ta yarda da fiye da haka, domin saƙon da aka ajiye tun wata uku shi kansa mai shi ya manta da shi. Ta'aziyya da ban haƙuri da maganar aure kuwa, waɗannan na baki ne ko na takawa da ƙafa.

Za ka ga manhajoji da yawa da ake tallatawa don wannan aiki. Kafin su yi aiki sukan nemi izinin shiga saƙonninka da jerin lambobinka, kuma a cikin saƙonnin nan ne lambobin sirri na banki suke shigowa. Tun da wayar tana iya yin aikin da kanta, ban ga dalilin miƙa wa baƙuwar manhaja wannan izini ba.

Kafin ka dogara da shi a kan magana mai muhimmanci, mai karatu, gwada shi yau da dare. Ajiye saƙo zuwa layinka na biyu ko na wani a gida, ka sa shi ƙarfe shida na safe, ka ajiye wayar yadda ka saba ajiye ta. In gari ya waye, duba lokacin da ya iso. In ya makara, fara da saitin batir.